Motar da Na Hana Banufe

A unguwar Limawa aka haife ni. Ubana Bakatsine ne, aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Minna, a nan ya mutu. Ban yi makaranta ba. Na yi dako, na yi yaron mota, na ci duka, na kwana da yunwa. Daga baya na samu tsohuwar a-kori-kura tawa ta kaina, ina ɗauko wa mutane doya daga Beji. Da ita nake ci da gida.

Motar nan tana da hali. Birkinta ba ya kamawa sai an taka sau biyu. Giya ta biyu tana fita da kanta in ba a dafe ta ba. In ta yi tafiya mai nisa sai an tsaya ta huce, a ba ta ruwa. Ni kaɗai na san ta.

Katanga ɗaya ta raba ni da wani Banufe mutumin Bida, mai sayar da tukwane. Tsakanin Katsinawa da Nufawa akwai wasa tun kaka da kakanni. Ina ce masa bawana, yana ce mini bawana, har yau ba a raba gardamar ba. Bayan magariba mukan shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, mu da maƙwabta, kowa ya fito da kwanonsa. Nasa tuwon shinkafa ne da miyar wake da busasshen kifi. Ban taɓa yaba masa ba, amma kwanonsa nake fara kai wa hannu.

A kan tabarmar nan ya yi maganar. Zai aurar da 'yarsa a Bida, an sa ranar kai kayan ɗaki.

Ya ce, "Bawana, ka wanke mini akwalar nan taka. Ɗana zai ja ta, ya samu lasin."

Mutane suka yi dariya. Duk suna kallona. Mutum ba ya cewa a'a a gaban jama'a, don ba motar kaɗai zai hana ba, har da mutunci. In kuma na ce to, na ɗaure kaina.

Na ce, "Bawa ba ya magana ubangidansa yana cin abinci. Da safe zan zo."

Da na shiga gida matata ta ce, "Malam, ka ce masa ta lalace mana. Kowa haka yake yi."

Na san haka ake yi. Akwai wani tela a layinmu da ya ce babur ɗinsa ya lalace don kada ya ba da aro. Sai da ya yi kwanaki yana zuwa Tunga a Keke Napep, babur yana ɗaki lafiyarsa lau, duk unguwa ta sani. Ni kuma motata a ƙofar Banufe nake tayar da ita kullum. Ƙarya ba za ta kai azahar ba.

Ban ja shi da gobe ko jibi ba. Wanda za ka hana, hana shi da wuri, ya samu lokacin neman wata hanya. Muna fitowa sallar asuba na bi shi zaurensa, mu biyu kawai.

Na ce, "Ba zan ba da motar ba."

Ya ce, "Wasa kake."

"Ba wasa. Ka san hanyar Bida, ka san tankokin mai da ke binta. Birkina sai an taka sau biyu. Yaron da ya tsorata sau ɗaya zai taka. In mota ta mutu, ba zan iya cewa ka biya ba, kuma ba zan iya mantawa ba. In yaron ne ya mutu, kai ba za ka iya kallona ba."



Na ƙara da cewa, "Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya ya nema, na hana shi. Ba kai kaɗai ba ne. Ranar da kuka sa ta faɗa ranar kasuwar Beji, na riga na yi wa masu doya alkawari. In za a ɗaga zuwa washegari, ni zan ja da kaina, mai kawai za ka zuba. In ba za a ɗaga ba, akwai direba a tasha da na yarda da hannunsa. Yau zan haɗa ku."

Ya ce, "Surukai sun riga sun sa rana."

"To muje tasha."

"Bari, zan nema da kaina. Na gode."

Bai ce bawana ba. Nan na gane ta shiga.

Ya samo mota da kansa. Ranar loda kaya na fito tun kafin in wuce Beji. Na sa katifa tsakanin madubi da kabad, na ɗaure gado da igiyata, na rufe da tamfol ɗina. Ya ce, "Sannu da aiki, Malam." Malam! Mutumin da tun muna samari bai taɓa kirana da girma ba.

An yi biki an gama. Aka dawo mini da igiya da tamfol a naɗe tsaf, ta hannun matarsa. Kwanonsa ya daina fitowa tabarma. Wai ciwon baya. Muna gaisawa a masallaci, gaisuwa mai tsawo irin ta baƙi.

Matata ta ce in aika masa da doya. Na ƙi. Kyauta a lokacin nan kamar biyan diyya ce, kuma ban yi laifi ba. Ba doya ya rasa ba. Ya miƙa hannu ne ya dawo da shi wayam, kuma kowa a layin ya ga mota baƙuwa a ƙofarsa. Abin da zai gyara shi ne ni ma in miƙa nawa hannun, a inda ya miƙa nasa.

Damina ta matso, kwanon rufina yana yoyo. Banufe yana da dogon tsani na katako. Na jira sai da mutane suka taru a ƙofar gida bayan la'asar, ya fito zai wuce shago.

Na ce, "Bawana, ara mini tsaninka."

Ya tsaya. Ya san ban taɓa neman tsani ba. Motata nake matsarwa jikin bango in hau ta kanta. Ya kalli motar, ya kalle ni. Zai iya hana ni a gaban kowa, kuma da na haɗiye.

Ya ce, "Ba zan bayar ba."



Ya ƙara da cewa, "Matakala ta uku tana rawa. Sai wanda ya san halinta. Bakatsine sau ɗaya zai taka, ya faɗo, a ce na kashe bawana na yi asara."

Ya koma ciki ya fito da tsanin a kafaɗa. Shi ya jingina, shi ya riƙe. Ina sama ina buga ƙusa, yana ƙasa yana zagin Katsinawa tun daga kakana. Matakala ta ukun kuwa da gaske tana rawa.

Bayan magariba kwanon tuwonsa ya fito. Na ce kifin ya yi gishiri. Ya ce in cire hannuna. Ban cire ba.

Bayan shekara guda, da 'yarsa ta haihu, ni na kai su Bida suna. Muka tsaya a hanya mota tana hucewa, ya zauna a gindin mangwaro yana ce mata surukata.

Yanzu motar ta tafi wurin 'yan gwangwan. Layin ya cika da get na ƙarfe, kowa yana ci a cikin gidansa. Banufe ya tsufa ya koma Bida wurin 'ya'yansa. Ranar da zai tafi ya bar tsanin a jikin katangata. Ya ce aro ne, in kula da ta uku. Yana nan. Ban gyara ta ba.