Soket ɗin Ɗakin Malam

Shin maigidana ya san ba shi ne zai tsaya ranar fita daga gidan nan ba? Na tambayi kaina har na gaji. Jikata da ke rubuta wannan ta ce in bari, amma na kasa.

Daga Baure muka koma Daura saboda hawan jinin Malam, maigidana, don mu kusanci asibiti. Muka kama haya, ciki biyu da falo, a gidan wani Inyamuri mai shagon kayan gyaran mota. Ban da kuɗin shekara, sai da aka ajiye wani kuɗi a hannunsa, wai in mun tashi a duba gidan, a cire na abin da muka ɓata, a maido saura. Ranar shiga ina zaune a tsakar gida kan ƙullin kayana, Malam da 'yar mai gidan suna bin ɗaki ɗaki. Ita tana rubutu tana ɗauka da wayar hannunta, shi yana nune-nune. Na ce masa, “Sai ka ce saye za ka yi.” Ya ce in dai zauna.

Shekaru muka yi a gidan. A ta ƙarshe ɓarin jikinsa ya shanye, a cikinta kuma Allah ya karɓi abinsa. A wurin jana'iza an yi cigiyar masu binsa bashi, ba wanda ya fito. Amma ni na san akwai saura. Gidan nan da sunansa aka kama shi, kuma tun ina yarinya nake jin malamai suna cewa haƙƙin mutane yana rataye a wuyan mamaci har sai an sauke. Duk takabata da wannan na yi ta. In na ɗaga kai na ga tsagar da ke bangon falo, daga taga har kusan ƙasa, sai in shiga lissafi. In ɓarnar ta fi kuɗin ajiya, ko a manta da wani abu a bar masa a wuya fa?

Da na fita takaba ɗana ya zo da mota daga Zango aka kwashe kaya. Na share gidan tas. Da hantsi sai ga 'yar mai gidan da takardu biyu, tsohuwar ta ranar shiga da sabuwa wadda ba a cike ba. A Daura aka haife ta, Hausa a bakinta kamar tamu. Ta durƙusa ta yi mini gaisuwa, sannan ta ce, “Mama, kin goge gidan nan kamar za a kawo amarya.”

“'Yar nan, ki duba da kyau. Kada ki ji kunyata.”

Ta fara daga ƙofa. Ta karanta abin da tsohuwar takarda ta ce, ta dubi abin, ta rubuta yadda ta same shi, ta ɗauki hoto. Na nuna mata fentin da ya koɗe, da inda siminti ya yi santsi a wurin sallarsa. Ta ce wannan tsufa ne, ba ɓarna ba, kowane gida aka zauna sai ya yi haka, na mai gida ne. Gilashin taga da ƙwallon jikoki ya fasa kuwa ta rubuta mana shi. Haka baƙin hayaƙin gawayi a kicin, amma ta ce ba za a ɗora mana fentin gida duka ba, bango ɗaya ne, shi ma rabin kuɗi, tunda dama fentin ya ci shekarunsa. Na tsaya ina kallonta. Ban taɓa ganin an raba abu dalla-dalla haka ba, naka a nan, nawa a nan.

Muka zo kan tsagar falo. Ta duba takarda ta ce an rubuta, amma bari ta gani ko ta ƙaru. Ta taɓa wayar ta nemo abin da ta ɗauka ranar shiga, ta miƙo mini.

Sai ga Malam a tsaye da ƙafafunsa biyu, cikin shuɗiyar rigarsa, hula a karkace. Ya ɗora yatsa a kan tsagar ya bi ta har ƙasa, da hannun nan na dama da na yi shekara ina ɗagawa ina wankewa. Na ji muryarsa: “Ɗauki nan da kyau, yarinya. Haka muka same ta. Kada wata rana a tsare mini tsohuwa a kanta.” Daga can waje kuma na ji tawa muryar ina cewa wa yake kira tsohuwa.

Na zauna a ƙasa. Na yi ta cewa Allahu Akbar. Mutum yana kwance a maƙabarta, ga shi yana ba da shaida a falonsa. Na yi kuka sosai, yarinyar ma ta juya baya tana share ido. Tsagar tana nan yadda take, ba ta ƙaru ba. Ta rubuta cewa ba tamu ba ce.

Saura ɗakinsa. Ran nan babu wuta tun safe. Ta dubi bango, ta ga wasu ramuka biyu da aka cike da siminti aka shafe, ta ce gyaran ya yi. Ta taɓa soket ɗin da ke gefen inda gado yake, ta ce ba ta ga fashewa ba, za ta sa lafiya lau.

Na ce, “A'a. Ba ya aiki.”

Na gaya mata yadda aka yi. Da jikinsa ya shanye, an kafa ƙarafa biyu a bangon an ɗaura igiya don ya riƙa jan kansa ya tashi zaune. Ƙarfe ɗaya ya tsinke wayar wutar da ke cikin bango. Tun ran nan soket ɗin ya mutu.

Ta sake duban soket ɗin. Sannan ta ce, “Mama, ki bar shi. Ban ji ba.”

“Gidan naki ne da za ki yafe?”

Ta yi dariya da hawaye a fuskarta. “Kai, Mama! Yau na ga mai haya da ke roƙon a cire mata kuɗi.”

“Rubuta dai.”

Ta rubuta. Ta kira mai gyaran wuta ya zo ya duba, ya ce sai an fasa bango an sake waya an shafe, ya rubuta kuɗinsa aka haɗa da takardar. Ta karanta mini komai a gaban ɗana: gilashi, rabin fentin bangon kicin, wayar wuta, kowanne da kuɗinsa. Duka ba su cinye ajiyar ba. Abin da ya rage na ce a ba ɗana ya zuba cikin dukiyar gado, don ba nawa ba ne ni kaɗai. Ta sa hannu, na dangwala yatsa, ta ba mu takarda ɗaya ta riƙe ɗaya. Na tambaye ta ko ubanta yana bin Malam wani abu kuma. Ta kira shi a gabana. Ya ce ko kwabo, ya ce Allah ya jiƙan Baba.

Na miƙa mata makullai. A zaure ta tambaye ni me ya sa na faɗa, alhali ba wanda zai sani sai wanda ya shigo bayanmu. Na ce ai an bar mini sallahu.

Da safiyar ranar da Malam zai rasu ina ba shi koko da cokali. Harshensa ya yi nauyi, sai na kai kunne kusa nake ji. Na zaci addu'a zai yi mini, ko ya ambaci yara. Ya juya ido wajen bango. Ban da kalmar shahada, ga maganarsa ta ƙarshe:

“Wayar nan mu muka tsinke ta. Kada ki fita ba ki faɗa musu ba.”