Fuskar Baba a Babban Talabijin

Shekara goma sha huɗu ina gyaran talabijin a kasuwar Konni, amma a gidanmu babban wana ne masani, don shi ke da mota.

Bidiyo ɗaya tak muke da shi na marigayi Baba, na ranar sunan wata jikarsa. Da idon Inna ya fara rauni ta ce tana so ta ga mijinta tun tana iya gani. Yaya ya tsallaka Sakkwato ya sayo talabijin mai faɗin ƙofar shago, ya jona wayarsa, ya dasa Inna dab da gilashin.

Bidiyon kuwa ya bi wayoyin dangi ta WhatsApp, kowace tura tana matse shi, har ya koma ɗan mitsitsi. Talabijin ba boka ba ne. In ka ba shi hoto mai ɗigo kaɗan, na'urar da ke ciki sai ta shimfiɗa shi kan miliyoyin ɗigon gilashin, tana cike tsakani da kintace daga ɗigon da ke kusa. Abin da ya ɓace ba ta da inda za ta samo shi, dattin matsewar ma tare take faɗaɗa shi. Yaya ya ƙara da nasa: ya ja hoton ya cika gilashi, ya kai kaifin hoton har ɗari.

Baba, mutum siriri, ya fito da kumatu kamar kabewa, farin layi ya kewaye masa hanci da gemu. Inna ta daɗe tana kallo.

"Wanga ba Malam ba ne," ta ce, ta tashi.

Na ce, "Yaya, mai da hoton ga ƙirarshi, ko da baƙi ya rage dama da hagu."

"Gilashin duka nis saya, ba rabi ba! Kai mi kas sani, ban da ƙona waya?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Washegari na hau kabu-kabu zuwa Dogarawa, wurin kawunmu da ya ɗauki bidiyon. Faifan asali na nan cikin akwati, a naɗe da tsumma. Shi ma ba wani kyau ne da shi ba, amma bai sha matsar wayoyi ba.

Na bari sai da Yaya ya shiga wanka. Na jona na'urar faifai, na mai da hoton ƙirarsa ta dā, na sauke kaifin, na ɗan kunna mai rage ƙurar hoto, kaɗan dai, don in ya yi yawa fata takan koma roba. Tabarmar Inna na ja baya taku huɗu, inda ido ke haɗe ɗigon da kansa.

Yaya ya fito yana goge kai, ya leƙa, ya buga ƙirji. "Kun gani? Tele mai tsada dut daban take!"

Inna ba ta ji shi ba. Ta gyara mayafinta, ta sunkuyar da kai kaɗan, sannan ta ɗago.

"Malam," ta ce a hankali, "hularka ta karkace."