Kunnen Hagu

Kyanwar innata ta ɓace ana tsakiyar kaka, a Cadakori. Tun rasuwar babanmu ita ce abokiyar hirarta, a gefen tabarmarta take kwana. Da ta yi kwana uku ba ta dawo ba, Inna ta daina taɓa tuwo.

Na buɗe hotunan wayata, na rubuta kamanninta: baƙa, farin tabo a kunnen dama. Na hau kabu-kabu zuwa Tibiri aka buga mini takardu, na manna a kasuwa.

Washegari wata mai ƙosai ta raɗa mini cewa ta ga irinta ɗaure a shagon wani Alhaji mai hatsi, wanda ɓeraye suka addaba. Na je. Ita ce, da igiya a wuya. Alhajin ya sa aka karanta masa takardata, ya juya kan kyanwar a hankali.

"Malama, ke da ke koyar da yara a lakol, ba ki san dama da hagu ba? Wagga mussa tabonta na hagu. Tawa ta."

Masu zaman benci suka kwashe da dariya. Kuma gaskiyarsa: ina kallon fuskarta a hoto, na ɗauki damata na ba ta, alhali wanda ke fuskantarka hagunsa ne ke damarka. Na koma gida ina huci. Wallahi a lokacin neman kyanwa ya zama na biyu, so nake in ga idonsa a ƙasa.

Na sake zama da hotunan, ina buɗa kowanne da yatsu. Wannan karon daga jikinta na ƙirga. Farin tabo a kunnenta na hagu. Yatsu biyu farare a ƙafarta ta dama ta baya. Ƙarshen wutsiya a karye, tun da ƙofa ta datse shi. A sabbin takardun da aka buga mini na sa hoto biyu manya, na gaba da na gefe, saboda waɗanda ba su karatu. A ƙasa na ƙara layi guda: ta wata tsohuwa ce da ta bar cin abinci.

Ranar kasuwa na manna ɗaya a bangon da ke kallon shagonsa. Mutane suka riƙa duba takarda suna leƙa shago. Wani Bafulatani da ya zo sayen gero ya durƙusa ya shafa wutsiyar, ya ɗaga ƙafar baya.

"Alhaji, wannan kam na tsohuwa ne," in ji shi.

Kafin la'asar Alhaji ya kawo ta gidanmu da kansa, cikin buhu, yana cewa tsintar ta ya yi. Inna ta rungume ta, har ta sa masa albarka. Ta ce in je in cire takardun, kada a ci mutuncin dattijo.

Na ce to, Inna. Na cire duka, ban da ta ƙofar shagonsa. Wannan sai da damina ta zo ta wanke ta.