Katin kanti da takardar asibiti

Makanikin da muke gareji ɗaya shekara sha biyar bai yarda da asibiti ba. Da fitsari ya fara yi masa zafi, sai ya sayi katin kafso a kanti, ya sha na kwana biyu, ya ce sanyin masai ne. Zafin ya tafi, bayan wata ya dawo.

Matarsa tana da ciki wata uku, shi ya sa na yi magana.

«Oga, mota ma ba ka canza mata abu sai ka buɗe ta. Wannan ta kwanciya ake ɗauka, ba a masai ba. Kafson kwana biyu lafar da shi yake yi.»

«To ai Maman yara lafiyarta ƙalau,» in ji shi.

«Mace tana iya kasancewa ɗauke da shi ba alama. Ka warke, ta mayar maka, jaririn kuma ya ɗauka wajen haihuwa.»

Washegari bai zo aiki ba. A rana ta uku ya zo yana ɗingishin allura, ya ce sun je asibiti shi da matarsa, su biyu aka gwada, su biyu aka ba magani, kuma an raba musu shimfiɗa na mako guda.

«Miƙo min sifana,» ya ce.