Shafi Ɗaya Daga Rahoton Masu Duba Ruwa

Shekarata ta biyu ke nan ina kula da tsaftar ruwa a kamfanin ruwan leda na kawuna a Gwagwalada, jami'an hukumar da ke sa ido kan abinci da abin sha suka zo duba mu. Sun wuni suna leƙa tankuna da takardu, suka ce rahoto zai biyo baya.

Ranar wata Litinin Kawu ya kira ni ofis. Rahoton na gabansa, shafi goma sha ɗaya na Turanci, hularsa a gefe. Shafin farko kawai ya karanta, inda aka yi maganar tsagewar daɓen ɗakin injina da fentin bango.

"'Yar nan, rufe mu za su yi," ya ce. "Na kira mai tayil, gobe zai fara fasa daɓen."

"Kawu, a ba ni zuwa azahar tukuna."

Na koma teburina. Rahoton sashe-sashe aka tsara shi, gini, injina, ma'aikata, takardu, ba bisa gaggawa ba. Kowane laifi da matakinsa, babba ko matsakaici ko ƙarami, da wa'adinsa. Na ja layuka a takarda: abin da suka gani, gyaran da suke so, wanda zai yi, ranar ƙarshe, da shaidar da za mu nuna. Abin da suka kira shawara kawai, irin su faɗaɗa sito, na ware shi ƙasa don kada ya cakuɗe da na dole.

A shafi na takwas na ci karo da babbar matsalar. Fitilar da haskenta ke kashe ƙwayoyin cuta a ruwa ta wuce awannin aikinta, ba mu kuma da rubutun ranar da aka sa ta. Babban laifi ne, kwana bakwai suka bayar, sun kuma ce kada injin ya yi aiki sai an canza ta. Na duba shafin ƙarshe, na ga daga ranar da ke kan wasiƙar ake fara ƙirga wa'adi. Wasiƙar kuwa ta kwana huɗu kafin ta iso hannun Kawu. Saura kwana uku.

Na jera sauran bisa ranakunsu. Sakamakon gwajin ruwa daga ɗakin gwajin da hukuma ta amince da shi, da amsarmu a rubuce, kwana goma sha huɗu. Takardun lafiyar ma'aikata da suka ƙare, da lambar rukuni mai nuna zubin da aka yi ruwan, wadda ba ta fita sosai a jikin leda, kwana talatin. Daɓen da ya firgita Kawu shi ne na ƙarshe, wata uku.

Na nuna wa shugaban masu injina, wani dattijo mutumin Filato wanda ya girme ni a aikin nesa ba kusa ba. Ya bi layukan da yatsa.

"Madam, wannan gwajin ba za ka jira ranar shi ba fa. Sakamako yana ɗaukan kwanaki. Ranar da mun sa fitila, ranar za a ɗebi ruwa."

Gaskiya ya faɗa, ni kuma ban yi wannan tunanin ba. Na ƙara layi guda na ranar da za a fara kowane aiki.

Bayan azahar na miƙa wa Kawu shafi ɗaya. Ya karanta sau biyu, ya ɗago.

"Wato fitila ce a gaba?"

"Ita ce, Kawu. Sai mu kashe injin yanzu, ruwan da ke sito kuma kada ya fita sai gwaji ya dawo."

Ya leƙa waje, inda direbobi ke jiran lodi a bakin ƙofa. Can ya ɗauki waya ya ce wa mai tayil ya dakata, ya fita da kansa ya sallami direbobin.

Talata da rana aka kawo fitilar daga cikin gari. Muka sa ta, muka wanke bututu, na ɗauki hoto, na buɗe littafin rubuta awanninta, na ɗebi ruwan gwaji. Laraba na kai shaidar ofishin hukumar, aka buga min hatimin karɓa a kwafina. 

Gwajin ya dawo lafiya lau, har na ruwan sito. Na liƙa takardar jerin ayyukan nan a bangon ɗakin injina, duk aikin da aka gama dattijon nan ya ja masa layi da jan biro. Da jami'an suka dawo bayan wata guda, shugabarsu ta tsaya gabanta, ta riƙa neman shaidar kowane layi, ina miƙa mata daga fayil. Ba ta yabe mu ba. Ta dai rubuta cewa manyan laifukan da matsakaitan an rufe su, saura daɓe, wanda wa'adinsa bai cika ba.

Bayan tafiyarsu Kawu ya aika aka sayo mana masa da miyar taushe. Muka zauna a inuwar motar lodi da ma'aikata gaba ɗaya muka ci, yana ta tambayar dattijon wane irin tayil ne ba ya santsi.