Robar haƙorana da ta ɓata a Dogarawa

Shekara biyu na yi da ƙarfe a bakina. Haƙorana na sama sun cunkushe tun ina yarinya, ɗaya ya hau ɗaya, na gaban kuma yana yankar mini leɓe in na daɗe ina magana. Aikina kuwa maganar ce, don koyarwa nake a wata lakwal, wato makarantar boko, a Ƙonni. Duk bayan mako shida sai in tsallaka iyaka zuwa Sakkwato, wajen wata likitar haƙori da ta manna mini ƙananan ƙarafa a kan kowane haƙori, ta zura siririyar waya ta cikinsu. In ta canza wayar, kwana uku kunu kaɗai nake iya sha.

Ita ta gaya mini cewa haƙori ba a kafe yake kamar ƙusa ba. Wasu ƙananan zaruruwa ne ke riƙe saiwarsa a cikin ƙashin muƙamuƙi. In waya ta tura shi a hankali, ƙashin da ke gabansa sai ya riƙa zaizayewa yana ba shi hanya, sabo kuma yana tsirowa a bayansa. Ranar da ta cire ƙarafan ta ba ni wata roba garai-garai, an yi ta daidai da haƙorana. Ta ce sabon ƙashin bai yi ƙwari ba tukuna, zaruruwan dasashi kuma suna nan a miƙe, suna jan haƙoran zuwa tsohon wurinsu.

"Malama, sai cin abinci da wanke baki za ki cire ta. Bayan wasu watanni ma koma lokacin barci kawai."

Mako biyar da haka muka je suna Dogarawa, nan kusa da Ƙonni, gidan gwaggona. Da aka kawo shinkafa na ji kunyar mata su ga robar, na cire ta na naɗe a takarda na ajiye gefen tabarma. Ko da na wanke hannu na dawo an share wurin, an kai sharar bayan gida an cinna mata wuta. Na tona tokar da kara. Gwaggo na tsaye a kaina tana cewa ita ba ta ga abin tashin hankali ba, tunda haƙoran ga su nan a bakina.

A lokacin kuwa an rufe iyaka.

Na kira likitar a salula. Ta ce ba za ta iya yin wata ba sai ta ɗauki sabon awon bakina. Ta ce in riƙa aiko mata da hoto, kada kuma in ɗaura zare ko robar kitso a haƙoran, don tana iya silalewa ƙarƙashin dasashi ta kashe haƙori. Ban gaya mata cewa abin da na yi niyya ke nan ba.

Kwana goma ban ga komai ba. Daga nan harshena ya fara jin wani ɗan kaifi a bayan haƙorin gaba. Ina rubutu a allo, harshen yana can yana taɓa shi. Na ce wa maigidana zan hau babur ɗin kabu-kabu zuwa Sakkwato ta hanyar daji kamar yadda wasu ke yi. Ya ce bai yarda ba, a makon nan ma an tsare mutane a hanyar. Na ce shekara biyu ce ke zubewa yana kallo. Kwana biyu muna gaisuwa kawai.

A hoto na uku likitar ta ce haƙorin ya fara juyawa, kada in jira ta. Ta kwatanta mini wani abokin aikinta a Yamai. Darektan lakwal ya ce ba zan tafi ba sai an gama jarrabawa, na ƙara kwana tara ina duba madubi kafin in shiga aji da bayan na fito.

Maigidana ne ya raka ni. Likitan ya daɗe yana kallon bakina, ni kuma na riƙe hannun kujera.

"Ƙarfen za a mayar?" na tambaye shi.

Ya ce in ina son ya miƙe sarai, sai an mayar na wasu watanni, don robar riƙewa take yi, ba ta gyara abin da ya riga ya goce sosai. In kuma zan iya zama da shi haka, zai tsayar da shi inda yake. Na tuna kunun nan da tafiyar kowane mako shida. Na ce ya tsayar.

Ya manna siririyar waya a bayan haƙorana shida na gaba, inda ba a gani, ya nuna mini yadda zan riƙa tsabtace ƙarƙashinta. Ya ɗauki awo, washegari ya ba ni sabuwar roba da ɗan akwatinta. Haƙorin ya tsaya da 'yar karkatarsa. A mota muna komawa gida, mun wuce Doso, maigidana ya ce in buɗe baki ya gani. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce in nuna masa wanne ne.