Ranar da Dabo Ya Bar Gaisuwa a Bakin Ƙofa

Duk wanda ke sauri ba ya bi ta rumfar Malam Dabo mai gyaran keke. Faci zai yi maka, amma sai ya tambayi gida, da yara, da gajiya, har akuyar da ka sayar bara. Shi ya sa na riƙe baki da na ji shi unguwarmu ta zaɓa ya yi magana ta minti uku.

Lokacin kuɗin fetur ne. Wasu 'yan kwangila da Allah ya buɗa wa suka kafa kwamiti, za su haƙa rijiyar burtsatse ɗaya a unguwar da ta fi gamsar da su. Kowace unguwa za ta turo wakili, minti uku kacal za a ba shi. Mu da muka zauna bayan ganuwa, hanyar Batagarawa, rijiyoyinmu sun ƙafe tun lokacin fari. Ruwan kududdufi muke sha, har kurkunu ya kwantar da Indo, matar Dabo.

Ranar taro Dabo ya riga mai shara zuwa. Ya tsaya a bakin ƙofa, duk Alhajin da ya fito daga mota sai ya durƙusa. "Alhaji, kun kwan lahiya? Ina gajiya? Ya iyali?" Bai bar ko direba ba.

Wakilin unguwar farko ya miƙe, dattijo mai ladabi. Yana tsakiyar yi wa iyayen shugaban kwamiti addu'a magatakarda ya buga ƙararrawa, ko ruwa bai ambata ba. Wallahi na tausaya masa.

Da aka kira Dabo, ya yi sallama, ya ajiye kwalbar ruwan kududdufi a kan tebur.

"Gaisuwa na yi ta a waje. Wanga shi muke sha. Mai ɗakina ba ta iya taka ƙahwa saboda shi. Hili mai unguwa ya bayar, nesa da masai. Yashi da tsakuwar daɓe mu za mu kawo."

Injiniyan kwamitin ya ce, "In famfo ya lalace fa, wa zai gyara?"

"Ni. A nuna mani sau ɗaya. Kuɗin kayan gyara kuma kowane gida ya yarda da karo-karo."

Ya zauna ƙararrawa ba ta buga ba. Shugaba ya daɗe yana juya kwalbar a hannu.

Bayan la'asar aka kira sunan unguwarmu. Daɗi ya kashe mu! Dabo ya miƙe ya shiga godiya, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har kakanni. Magatakarda ya kai hannu ga ƙararrawa, shugaba ya riƙe hannun ya ce, "Ƙyale shi, ya ci lokacinsa."

Da ruwa ya fito, mata suka ja da baya, suka ce sai Indo ta fara. Ta taho tana ɗingishi, ta tara hannu ta sha. Dabo na tsaye riƙe da hannun famfo, mutane na ta yi masa barka, ya kasa amsa ko ɗaya.